Kwafin Ajiya Ya Ce “An Yi Nasara”, Amma Fayilolin Da Aka Maido Babu Komai A Ciki: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu kula da sabar ta ofis, makaranta, asibiti ko kanti, bayan sun gwada maido da kwafin ajiya sun tarar da shi fanko ko guntu. Mun ɗauki tsarin da aka fi samu: sabar Linux mai rumbun bayanai na MySQL da folda ta fayiloli, inda cron ke tayar da sikirif kowane dare ya zuba kwafi a wani faifai dabam. Inda Windows ta bambanta, mun faɗa.

1. Ta yaya aiki zai ce ya yi nasara alhali bai kwafi komai ba?

Kowane umarni idan ya gama yana barin lamba, wadda ake kira lambar fita. Sifili na nufin bai gamu da abin da shi yake ɗauka kuskure ba, kowace lamba dabam kuma na nufin matsala. Saƙon nasarar da ke zuwa maka ta imel, ko koriyar alamar da ke kan allo, daga wannan lambar aka samo su. Ba wanda ya buɗe kwafin ya leƙa ciki.

Ta hanya biyu sifilin ke yaudara. Ko dai wani umarni ya faɗi amma lambarsa ta ɓace a hanya, aka karanta ta wani umarnin da ya biyo baya (tambaya ta 3), ko kuma umarnin ya yi aikinsa daidai a kan abin da ba shi ake nufi ba, kamar kwafe foldar da babu komai a cikinta (tambaya ta 5). A ta biyun ma ba za a ce manhajar ta yi ƙarya ba. An ce ta kwafi abin da ke can, ta tarar da fanko, ta kwafi fankon ba tare da kuskure ba.

2. Na gano matsalar yau. Me zan fara yi?

Ka dakatar da aikin daren yau tukuna, musamman ɓangaren da ke share tsofaffin kwafi. Sikirif da yawa na ƙarewa da layi irin `find /mnt/ajiya -mtime +7 -delete`, wanda ke goge duk abin da ya haura mako. Idan lalacewar ta fara kwana biyar da suka wuce, lafiyayyun kwafin da suka rage maka ba su fi na kwana biyu ko uku ba, kuma kowane dare ana cinye ɗaya. Sa `#` a gaban layin da ke cikin crontab.

Bayan haka ka ɗauki sabon kwafi da hannu zuwa wani faifai, kana kallon allo, sannan ka jera tsofaffin da `ls -l` ka dubi girmansu. Sau da yawa a nan za ka ga ranar da abin ya karye: fayil ɗin da ya saba kai megabayit 800 ya koma bayit 20 a dare ɗaya. Ka tambayi kanka me aka sauya a ranar. Yawanci kalmar sirri ce aka canja, ko an sabunta manhaja, ko sabar ta mutu ta tashi.

3. Fayil ɗin rumbun bayanai na `.sql.gz` bayit 20 ne kacal. Me ya faru?

Wannan ita ce aka fi gani, kuma lambar 20 ɗin kanta shaida ce. Idan aka ba gzip fanko ta bututu, yana fitar da fayil mai bayit 20, wato kai da gindin da tsarin gzip ke buƙata, babu komai a tsakani. Ga irin sikirif ɗin da ke haifar da ita:

```
mysqldump kanti | gzip > /mnt/ajiya/kanti.sql.gz
echo "An gama"
```

A ce an canja kalmar sirrin rumbun ranar Talata. Da dare mysqldump ya nemi shiga aka hana shi, ya rubuta ƙorafinsa ya fita da lambar kuskure, bai tura ko harafi ɗaya cikin bututun ba. Shi kuwa gzip ya karɓi fanko, ya matse shi, ya fita da sifili. A ƙa'idar shell, lambar bututu ita ce lambar umarni na ƙarshe a cikinsa, don haka ta mysqldump ta ɓace. Ko da ba ta ɓace a nan ba, layi na biyu zai binne ta, domin lambar sikirif gaba ɗaya ita ce ta umarninsa na ƙarshe, kuma `echo` ba ya faɗuwa.

Akwai ɓarna ta biyu a layin farko. Alamar `>` tana buɗe fayil ɗin ta kwashe abin da ke ciki tun kafin mysqldump ya fara aiki. Tunda suna ɗaya ake amfani da shi kullum, lafiyayyen kwafin daren Litinin ya tafi a daidai lokacin da aka fara na Talata. Idan fayil ɗinka ya fi bayit 20 amma bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, mai yiwuwa mysqldump ya samu shiga, ya rubuta layukan gabatarwa, sannan ya faɗi kafin ya kai ga tebura.

4. To yaya ya kamata a rubuta sikirif ɗin?

```
#!/bin/bash
set -euo pipefail
mountpoint -q /mnt/ajiya
f=/mnt/ajiya/kanti-$(date +%F).sql.gz
mysqldump --single-transaction --routines --events kanti | gzip > "$f.tmp"
zcat "$f.tmp" | tail -n 1 | grep -q 'Dump completed'
mv "$f.tmp" "$f"
```

`pipefail` na sa bututu ya ɗauki lambar duk umarnin da ya faɗi a cikinsa, `-e` kuma na tsayar da sikirif a kuskuren farko. Layin `#!/bin/bash` ba ado ba ne. Cron na amfani da `/bin/sh` idan ba a ce masa komai ba, kuma a Debian da Ubuntu wannan dash ne, ba bash ba, don haka kada ka dogara cewa `pipefail` zai yi aiki a can. Ka ajiye sikirif a fayil nasa, crontab ya kira shi da cikakkiyar hanya. Wannan ma zai tsare ka daga tarkon `%`, wadda crontab ke ɗauka a matsayin ƙarshen layi, ta yadda `date +%F` ke karyewa idan an rubuta shi kai tsaye a ciki.

Layi na shida shi ne binciken gaske. Idan mysqldump ya kai ƙarshe yana rufe fayil da layin da ke farawa da `-- Dump completed`, sai dai idan an ba shi `--compact` ko `--skip-comments`. Shi ma pg_dump na rumbun PostgreSQL yana sa `PostgreSQL database dump complete` a kusa da ƙarshen kwafin rubutu, amma ba lalle a layin ƙarshe ba, don haka a can ka duba layuka goma na ƙarshe. Sai binciken ya wuce ake ba fayil sunansa na dindindin da `mv`. Ta haka duk fayil mai ƙarewa da `.tmp` ka san bai kammala ba. Abin da ya share tsofaffin kwafi ka sa shi a ƙasan `mv`, don kada ya gudana a daren da aka faɗi.

5. Foldoji suna nan a kwafin, amma babu fayil a cikinsu. Daga ina?

Ka fara zargin faifan da ba a maƙala ba. A Linux faifai na biyu ko ma'ajin da ke kan hanyar sadarwa ana maƙala shi ne a kan wata folda, misali `/srv/data`. Idan wuta ta ɗauke, sabar ta tashi kafin ma'ajin ya gama tashi, foldar tana nan amma fanko ce. Sai rsync ya zo ƙarfe biyu na dare, ya ga babu abin kwafa, ya fita da sifili. Idan kuma an ba shi `--delete`, aikinsa shi ne ya daidaita wurin ajiya da tushe, don haka zai share duk abin da ke cikin kwafin. A ofishin da ake yawan sauyawa tsakanin wutar Nepa da janareta wannan ba baƙon abu ba ne. Maganinsa `mountpoint -q /srv/data` a saman sikirif, da kuma `--max-delete=500` ko wata lambar da ta dace da aikinka, wadda ke hana rsync wuce iyaka kuma ta sa ya fita da lamba 25.

Haka abin ke juyewa idan wurin ajiyar ne ba a maƙala ba. Kwafin zai riƙa sauka a babban faifan sabar ɗin kanta, komai na tafiya lafiya a log, sai ranar da ka cire faifan waje ka kai wata na'ura ka tarar rabonsa da sabon fayil tun watanni.

Idan duk an maƙala, duba abu uku. Zaɓin `-x` na rsync da `--one-file-system` na tar suna hana tsallakawa zuwa wani faifan da ke ƙarƙashin foldar, sai su bar foldar fanko. Mahaɗin da aka yi da `ln -s` kuma shi kansa ake kwafewa, ba abin da yake nunawa ba, don haka idan an mayar da manyan fayiloli wani faifai aka bar mahaɗi a gurbinsu, mahaɗin kaɗai ka ajiye. Na uku, manhajar da ke cikin Docker tana iya ajiye bayananta a `/var/lib/docker/volumes`, ba a foldar da ka sa a jeri ba.

6. Yawancin fayiloli sun dawo, wasu ba su dawo ba. Ashe rsync ko tar ba sa faɗa?

Suna faɗa, amma sau da yawa mai sikirif ya toshe musu baki. A rsync, lamba 23 na nufin an kwafi wasu an kasa wasu, galibi saboda rashin izinin karantawa, 24 kuma na nufin wasu fayiloli sun ɓace ana cikin aiki. A tar na GNU, 1 na nufin wani fayil ya canja ana karanta shi, 2 kuma babban kuskure. Lamba 24 ta rsync da 1 ta tar suna yawan fitowa a sabar mai aiki, sai wanda saƙon kuskure ya gundura ya ƙara `|| true` a ƙarshen layi, ya haɗa da 23 da 2 ya kashe. Idan za ka yafe 24, ka yafe ta ita kaɗai. Ka kuma nemi `2>/dev/null` da `--ignore-failed-read` a sikirif ɗinka.

A Windows lissafin robocopy dabam ne: daga 0 zuwa 7 ba faɗuwa ba ne, 8 zuwa sama shi ne aka kasa kwafe wani abu. Wanda ya ga lamba 1 na jawo ƙararrawar banza ya rufe sikirif da `exit 0` ya rufe har da 8.

Akwai kuma rashin da ba shi da lamba sam. Tsarin warewa kamar `--exclude 'tmp'` ko `--exclude 'log*'` yana kama duk sunan da ya dace a kowane mataki, har da foldar `logo` ta hotunan kamfani. A MySQL ma, asusun da ba shi da izini a kan wani tebur ba ya ma ganinsa, don haka mysqldump zai kammala lafiya babu shi.

7. Da hannu sikirif na aiki, a cron kuma ba ya yi. Me ya bambanta?

Muhalli. Cron na ba da `PATH` gajere, yawanci `/usr/bin:/bin`, don haka abin da ke `/usr/local/bin` ba ya samuwa. Yana iya gudana da wani asusu wanda ba shi da `~/.my.cnf` ɗinka ko makullin SSH ɗinka. Ka gwada da asusun da cron ke amfani da shi, ka rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni, ka kuma tura duk abin da ya fito zuwa log da `>> /var/log/ajiya.log 2>&1`. Ba tare da gyaran tambaya ta 4 ba, duk waɗannan kurakurai za su ci gaba da fitowa da sifili.

8. Fayiloli suna da suna da girma daidai, amma ba sa buɗuwa, ko sun yanke a tsakiya.

Ka fara da girman. Fayil ɗin da ya tsaya daf da gigabayit 4 yana kan faifai mai tsarin FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai haka. A mayar da faifan exFAT, NTFS ko ext4. Wanda ya yanke a wani wuri dabam, duba `df -h` ko faifan ya cika, da `df -i` domin faifai na iya ƙin karɓar sabon fayil saboda ƙarewar gurabun suna alhali akwai sarari.

Idan girman daidai ne amma ciki sifili ne zalla ko shara, abu biyu ne kan gaba. Na farko, an zare faifai ko wuta ta ɗauke kafin bayanan su sauka daga ƙwaƙwalwa. Umarnin kwafi na iya cewa ya gama alhali tsarin aiki bai gama rubutawa ba, shi ya sa ake sa `sync` a ƙarshe, a kuma yi `umount` kafin a zare. Na biyu, filashi na jabu, wanda aka rubuta masa gigabayit 128 amma abin da ke ciki 8 ne ko 16. Yana karɓar komai ba musu, jerin sunaye ya fito daidai, amma duk abin da ya haura ainihin girmansa ya salwanta. Alamarsa ita ce fayilolin farko na buɗuwa, na baya ba sa yi. Ana gane shi da `f3write` da `f3read` a Linux, ko H2testw a Windows, kuma gara a yi gwajin ranar da aka sayo shi.

A kwamfutocin ma'aikata akwai wani nau'in: OneDrive na iya barin sunan fayil da girmansa a folda alhali abin da ke ciki yana can a intanet. Ka danna dama ka duba `Size on disk`. Idan sifili ne, wasu manhajojin ajiya gurbin kawai za su ɗauka ko su tsallake shi, sai an zaɓi `Always keep on this device`.

9. Na kwafi foldar rumbun bayanai gaba ɗaya, amma bayan maidowa ya ƙi tashi ko bayanan kwanan nan sun ɓace.

Kwafe `/var/lib/mysql` alhali rumbun na aiki kamar auna hatsi ne ana ci gaba da zubawa a buhun. Fayil na farko an ɗauke shi ƙarfe 2:00, na ƙarshe 2:20, kuma ba su yarda da juna ba. Ko dai a tsayar da rumbun, ko a yi amfani da kayan aikinsa. `--single-transaction` na ba da kwafi mai daidaito ga teburan InnoDB, amma ba ya kare na MyISAM. A SQLite, sababbin bayanai na iya zama a fayil mai ƙarewa da `-wal` a gefen babban, don haka wanda ya ɗauki babban kaɗai ya bar su, sai a yi amfani da umarnin `.backup`. A Windows, fayil ɗin da ke buɗe kamar PST na Outlook yana buƙatar manhajar da ke amfani da VSS.

Ko kwafin da ya kammala yana iya zama da giɓi. Mysqldump ba ya haɗawa da abin da `--routines` da `--events` ke ɗaukowa sai an ce masa, kuma pg_dump ba ya ɗaukar asusun masu amfani, waɗanda sai da `pg_dumpall --globals-only`.

10. Manhajata tana da maɓallin tantancewa kuma ya ce lafiya. Bai isa ba?

Bai isa ba, domin tambayar da yake amsawa ita ce ko abin da aka rubuta yana nan yadda aka rubuta shi. Fayil ɗin nan mai bayit 20 na tambaya ta 3 zai wuce `gzip -t` lafiya lau. `restic check --read-data` da `borg check --verify-data` suna da amfani ƙwarai wajen gano faifan da ke ruɓewa, amma ba su san cewa tushen fanko ne a daren ba.

11. Wataƙila kwafin lafiya yake, maidowar ce ta yi kuskure?

Yana faruwa, kuma gane shi ba wuya. Ka leƙa cikin kwafin ba tare da ka maido ba, da `tar -tvf` ko `restic ls -l latest`, ka dubi girman fayilolin. Idan a can suna da girma, matsalar tana wajen maidowa: faifan gwaji ya cika, asusun da ka yi aiki da shi ba shi da izinin rubutawa, ko ka maido kwafin ƙari na daren jiya kaɗai. Kwafin ƙari abin da ya canja kawai yake ɗauke da shi, don haka sai an fara da cikakken kwafi, sannan a bi na ƙarin ɗaya bayan ɗaya bisa tsari. Idan ɗaya ya ɓace a tsakiya, fayilolin da suka canja a ranar za su dawo da tsohuwar sigarsu ko su ƙi dawowa.

12. Yaya ake gwajin maidowa da za a iya dogara da shi?

A wata na'ura dabam, ba a sabar mai aiki ba. Dalilin ba tsoro kawai ba ne: kwafin da aka yi da `--databases` ko `--all-databases` yana ɗauke da layin `USE`, wanda zai kai bayanan kan rumbu na ainihi ko da ka ambaci sunan na gwaji. A na'urar gwajin:

```
mysql -e 'CREATE DATABASE gwaji'
zcat kanti-2024-03-12.sql.gz | mysql gwaji
mysql gwaji -e 'SELECT COUNT(*), MAX(rana) FROM ciniki'
```

Ka gwada yawan tebura da na asali, da yawan layuka a manyan tebura biyu ko uku, sannan ranar shigarwa ta ƙarshe. Ita ce ke tona kwafin da ya cika amma tsoho ne. Ga fayiloli, ƙirga su a ɓangarori biyu da `find . -type f | wc -l`, nemo fanko da `find . -type f -empty`, sannan ka bar rsync ya gwada abin da ke ciki ba tare da ya taɓa komai ba, da `rsync -anci --delete sabar:/srv/data/ /gwaji/data/`. Abin da ya lissafo kada ya wuce fayilolin da aka taɓa bayan ɗaukar kwafin. Daga ƙarshe a kira wanda ke aiki da bayanan, akawu ko magatakarda, ya buɗe takardu biyar ko goma da ya san abin da ke cikinsu. Sau ɗaya a wata ya wadatar ga ƙaramin ofis, da kuma duk lokacin da aka canja kalmar sirri, faifai ko sigar manhaja.

13. Wace ƙararrawa ya kamata a kafa don kada a sake yin makonni ba a sani ba?

Guda uku. Ta farko a kan girma: idan kwafin yau bai kai kashi 80 cikin 100 na jiya ba, sikirif ya fita da kuskure. Ta biyu a kan tsufa: idan sabon fayil mafi kusa ya haura awa 26, a sanar. Ta uku a kan shiru, domin aikin da bai tashi ba sam ba ya aiko da saƙon kuskure. Don haka a juya tsarin: sikirif ya aika sigina zuwa wata na'ura bayan layin `mv`, ita kuma ta yi ihu idan siginar ba ta zo ba.

Hanyar saƙon ma ana gwada ta. A ranar 31 ga Janairu 2017, lokacin da aka share rumbun bayanan GitLab bisa kuskure, an tarar ma'ajin kwafinsu na pg_dump fanko ne. Kamar yadda kamfanin ya bayyana da kansa, ana gudanar da pg_dump na siga 9.2 a kan rumbu mai siga 9.6, yana faɗuwa, kuma imel ɗin da cron ke aikawa ana ƙin karɓarsu saboda ƙa'idar tantance imel ta DMARC. Sun maido daga wani kwafi na awa shida baya, abin da ke tsakani ya tafi. Don gwada taka ƙararrawar, ka sa kalmar sirri marar kyau a `.my.cnf` da gangan da rana, ka tayar da aikin, ka ga ko saƙon ya iso wayar wanda ya kamata, sannan ka mayar da ta daidai ka sake tayarwa.